Daga Ƙoƙon Bara zuwa Takardar Amana: Sake Rubuta Takardar Neman Gudummawa ta Ƙungiyar Al'umma a Whalley Range

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙungiyar Hausawa mazauna Birtaniya za ta sake rubuta takardar neman gudummawa ta yadda za ta tsare mutuncin mai nema, da mai bayarwa, da wanda ake nema dominsa, ta kuma fayyace inda kuɗin zai tafi. An ɗauki misalin makarantar Asabar a unguwar Whalley Range ta birnin Manchester, wadda wasu masu tallafa mata ke zaune a Birmingham. Maƙalar ta nuna cewa a dokar Ingila kalmomin takardar su ne ke ɗaure kuɗin da aka tara, kuma yawancin marairaicewar da ake gani a irin waɗannan takardu tana shigowa ne ta gurbin da rashin lissafi ya bari.

1.0 Gabatarwa

Whalley Range unguwa ce a kudancin Manchester, tana iyaka da Moss Side da Chorlton da Old Trafford. Wani attajiri mai banki, Samuel Brooks, shi ya soma gina ta a shekarun 1830 domin masu hali, amma a yau mazauni ce ta mutane daga ƙasashe da dama, kuma Musulmi suna da yawa a cikinsu. A titin College Road ne cibiyar British Muslim Heritage Centre take, a cikin wani tsohon ginin kwaleji da aka buɗe a 1843. A unguwa irin wannan, mutum ba ya ƙare wata guda bai ci karo da takardar neman taimako ba, ko a ƙofar masallaci, ko a wayarsa. Wata ta gyaran rufi ce, wata ta jana'iza, wata ta ambaliya a gida. Mai bayarwa ya saba da su, ya kuma iya bambanta wadda ta san abin da take nema da wadda ke lalube.

Ƙungiyoyin Hausawa a biranen Ingila ƙanana ne, kuma kusan kowa ya san kowa. Likita da ɗalibin digiri na uku da direban tasi da ma'aikaciyar kula da tsofaffi, duk tabarma ɗaya suke zama ranar Sallah. Wannan kusanci yana sauƙaƙa tara kuɗi, yana kuma sa duk kuskuren da aka yi ya yi zafi. Idan aka yi zargin kuɗi, a kan ɗan'uwa ake yi. Idan aka fallasa mai buƙata, maƙwabci aka fallasa.

2.0 Misalin da za a bi

Ƙungiyar da za a yi magana a kanta misali ce, haka ma alƙalumanta, an tsara su ne domin a bi aikin daki-daki. A ɗauka wata ƙungiyar Hausawa ce da ke son buɗe makarantar Asabar a wani ɗakin taro na haya a Whalley Range, inda yara 40 za su koyi karatu da rubutun Hausa da karatun Alƙur'ani. Sakatare ya rubuta takarda, ga kuma zuciyarta:

"Muna miƙa ƙoƙon bararmu ga iyayenmu masu hannu da shuni, waɗanda Allah ya ɗaukaka, da ku dubi Allah ku dubi Annabi ku taimaka mana. Yaranmu suna cikin wani mawuyacin hali, suna neman ɓacewa a ƙasar Turawa, daga cikinsu akwai marayu da 'ya'yan zawarawa waɗanda ba su da ko na sayen littafi. Muna son gina makaranta domin ceto su. Duk abin da Allah ya hore, komai ƙanƙantarsa, a tura ta asusun ma'ajinmu. Wanda ya taimaki wani, Allah zai taimake shi."

A ƙasan takardar akwai hoton yara uku zaune a kan darduma, da lambar asusun banki mai sunan mutum ɗaya.

Wanda ya rubuta wannan ba mugu ba ne, kuma bai yi nufin yaudara ba. Ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji. Sai dai mai karatu ya kai ƙarshen takardar bai san nawa ake nema ba, bai san me za a saya ba, bai san yaushe za a fara ba, bai kuma san wa zai tambaya idan shekara ta zagayo. Duk gurbin da ya kamata lissafi ya cike, an cike shi da kirari ga mai bayarwa da tausayi ga mai karɓa.

3.0 Bara, roƙo da gudummawa

Hausa ta ware kalmomi ga nau'o'in neman abin hannun wani, kuma kowace kalma tana ajiye mai nema a wani matsayi. Mai bara yana nema ne don Allah, hujjarsa ita ce rashinsa, kuma ba a tambayarsa abin da ya yi da sadakar. Maroƙi yana biya da yabo, kamar yadda M. G. Smith ya yi bayani a nazarinsa na 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa: yana ɗaga darajar mai bayarwa a bainar jama'a, kuma mai rowa ya san akwai zambo a bayan yabon. Gudummawa da karo-karo da gayya kuwa al'amari ne na tsara da tsara. Wanda ya kai gudummawar biki bai ɗauki kansa sama da mai biki ba, kuma a gidaje da yawa akan rubuta abin da kowa ya kawo domin a san yadda za a rama. Wato lissafi ba baƙo ba ne a al'adar. Yana nan a littafin biki da littafin uwar adashi.

Takardar sakatare ta haɗa harshen bara da na roƙo, alhali abin da ƙungiya ke yi karo-karo ne. Mutanen da ake kira "masu hannu da shuni" su ne iyayen yaran da kawunnansu da maƙwabtansu. Babu dalilin durƙusa musu, domin makarantar tasu ce. Da zarar an gane wannan, rabin gyaran ya samu: a cire ƙoƙon bara, a cire kirari, a yi magana kamar yadda ake yi wa abokin tarayya a cikin aiki. Wannan bai hana sallama da addu'a ba. Addu'a a ƙarshen takarda ladabi ce. Abin da ake gudu shi ne a mayar da ita bulala, ta yadda wanda bai bayar ba zai ji kamar an ce bai dubi Allah ba.

Wanda ya fi cutuwa a tsohuwar takardar shi ne wanda ba a nemi shawararsa ba. A cikin al'ummar da iyalanta ba su wuce hamsin ko sittin ba, faɗin "marayu da 'ya'yan zawarawa" tamkar kiran suna ne. Kowa ya san gidan da aka yi rasuwa bara, ya san matar da aurenta ya mutu. Ita kuma za ta ga takardar a wayarta kamar kowa, ta ga an ce ba ta da na sayen littafi, ta kuma shiga taron Sallah da wannan a ranta. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa mutunci da kunya da amana cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma mutunci a nan ya haɗa da tsare darajar wani. Ƙungiyar da ta tara fam dubu huɗu ta hanyar zubar da mutuncin gidaje uku ba ta ci riba ba.

Batun hoto ma haka yake, kuma manyan ƙungiyoyin agaji na Birtaniya sun sha fama da shi. A 2017 ƙungiyar Save the Children ta fitar da wani nazari da ya tambayi mutanen da ake ɗaukar hotunansu yadda suke ji game da hakan. A 2020 kuma Comic Relief ta sanar da cewa ta daina tura taurari zuwa ƙasashen Afirka domin ɗaukar finafinan neman taimako, bayan sukar da ɗan majalisa David Lammy ya yi a 2019. Abin takaici ne a ce 'yan Afirka da suka daɗe suna ƙorafi kan irin waɗannan hotuna su ne za su riƙa yi wa 'ya'yansu haka. Hoton yaro yana buƙatar rubutaccen izinin iyaye, da sanin inda za a yaɗa shi, domin saƙon waya ba ya tsayawa a Manchester; kafin dare ya isa Kano da Maradi. Mafi sauƙi shi ne a sa hoton ɗakin karatun da allo da littattafai, ko a bar takardar babu hoto.

4.0 Yadda kalma ke ɗaure kuɗi

Nan ne wurin da ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe, domin abu ne da ba a saba da shi a gida ba. A dokar Ingila da Wales, idan ƙungiyar agaji ta nemi kuɗi domin wata manufa takamaimiya, kuɗin ya zama keɓaɓɓe ga wannan manufa. Amintattun ƙungiya suna riƙe da shi ne a matsayin amana, ba su da ikon karkatar da shi zuwa wani aiki, ko da aikin alheri ne, ko da duk kwamiti ya yarda. Abin da ke nuna manufar kuwa shi ne abin da aka faɗa wa masu bayarwa, a rubuce ko da baki.

A sake duba jimlar sakatare: "Muna son gina makaranta." Shi a ransa yana nufin kafa makaranta, kamar yadda ake cewa gina al'umma ko gina tarbiyya. Amma wanda ya ba da fam 500 yana iya cewa shi ginin bulo ya fahimta, ya bayar ne a matsayin sadaka mai gudana, bai kuma yarda a biya haya da albashi da kuɗinsa ba. Hujja tana gefensa, musamman idan takardar Turancin da aka raba tare da ta Hausa ta yi amfani da kalmar da ke nufin gini sosai. Saboda haka wajibi ne takardun biyu su faɗi abu ɗaya, a kuma sa mutum guda ya karanta su gefe da gefe kafin a raba.

To idan kuɗin bai kai ba, ko ya yi rara fa? Dokar ƙungiyoyin agaji ta 2022 ta yi wa dokar 2011 gyara a kan wannan, kuma sashen ya fara aiki ranar 31 ga Oktoba, 2022. Idan aka nemi kuɗi domin wani aiki, aikin ya gagara tun daga farko, asalin hukunci shi ne a mayar wa mutane kuɗinsu. An yi sassauci a wasu wurare: gudummawar da ba ta wuce fam 120 daga mutum guda a shekarar kuɗi ba, da kuɗin da aka jefa a akwati ba a san mai shi ba, da na wanda aka bi matakan da suka dace aka neme shi ba a same shi ba. Irin waɗannan, da kuma rarar da ta saura bayan an kammala aiki, amintattu suna iya zartar da ƙuduri su mayar da su ga wata manufa mai kusanci da ta farko. Idan jimillar kuɗin ta haura fam 1,000, ƙudurin ba ya aiki sai da amincewar hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji, wato Charity Commission.

Wannan hanya ce mai cin lokaci ga ƙungiyar da duk ma'aikatanta 'yan sa-kai ne masu fita aiki da safe. Maganinta jimla ɗaya ce ko biyu a cikin takardar tun farko, wadda ke faɗin abin da za a yi da kuɗin idan ya gaza ko ya yi yawa. Hukumar kanta tana ba da wannan shawara. Wanda ya bayar bayan ya karanta wannan sharaɗi ya riga ya yarda da manufa ta biyu. Wasu kwamitoci suna ƙin rubuta jimlar, wai kada a yi wa aiki mugun baki. Amma mai bayarwa da ya taɓa zuba kuɗi a ginin da har yau bai tashi daga tushe ba, wannan jimla ce yake nema kafin komai.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Wata ƙungiya, don gudun ɗaurin, sai ta rubuta "domin ayyukan ƙungiya" kawai. Doka ta yarda da hakan, kuɗin ya zama sakakke, sai dai mai karatu bai ƙaru da komai ba. Daidai shi ne a faɗi aikin da sunansa, a kuma buɗe masa ƙofa ɗaya ta kusa.

5.0 Kasafi kafin rubutu

Ba a fara gyaran da alƙalami. Ana farawa ne da ma'aji. Kwamiti ya zauna ya fitar da abin da shekara guda za ta ci. A misalinmu makaranta za ta yi mako 36. Hayar ɗaki fam 25 ce a sa'a, ana buƙatar sa'a huɗu har da shiri da sharewa, wato fam 100 a mako, fam 3,600 a shekara. Malamai biyu ne, kowane yana koyarwa sa'a uku a kan fam 15, wato fam 90 a mako, fam 3,240 a shekara. Littattafai da kayan rubutu fam 600. Inshora da kuɗin binciken da ake yi wa masu aiki da yara fam 360. Buga takardu da abin da kamfanin karɓar kuɗi ta kati ke cirewa fam 200. Jimilla fam 8,000, wato fam 200 a kan kowane yaro.

Daga nan sai a cire abin da ke hannu. Iyayen yara 30 za su biya fam 100 kowane, fam 3,000 ke nan. Gurbi goma kyauta ne. Ƙungiya ta ware fam 800 daga asusunta. Abin da ya rage shi ne fam 4,200, kuma wannan adadi ne ya kamata ya fito a layin farko na takardar.

Abubuwa biyu sun cancanci lura a nan. Na farko, an bayyana fam 200 na buga takardu da kuɗin kati. Wasu suna son rubuta cewa ko sisin kwabo ba za a taɓa ba, duk zai tafi ga yara. Idan babu wani da ya ɗauki nauyin waɗannan ƙananan kuɗaɗe daga aljihunsa, maganar ba gaskiya ba ce, kuma ƙa'idojin neman gudummawa sun hana faɗin abin da zai ruɗi mai bayarwa. Na biyu, gurbi goma na kyauta sun shiga lissafi ba tare da an siffanta kowa ba. An faɗi gaskiyar cewa akwai masu buƙata, an kuma rufa musu asiri. Haka nan a guji cewa "ɗauki nauyin yaro guda da fam 200", domin mai bayarwa zai so ya san wane yaro ne. A ce fam 200 daidai take da kuɗin gurbi guda a shekara.

Kasafin ya kuma tono wani abu da kwamiti bai yi tunani ba. Ƙungiyar da manufofinta na agaji ne zalla, kuma kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara, dole ta yi rajista da Charity Commission. Wadda ta yi rajista, kuɗin shigarta kuma ya haura fam 10,000, dole ta rubuta a takardun neman kuɗi cewa tana da rajista. Wadda ba ta yi ba kada ta bari a zaci ta yi. A ci gaba da misalin a kan cewa ƙungiyarmu ta yi rajista, ta kuma buɗe asusu da sunanta mai sa hannun mutum biyu. Asusun ma'aji na kansa ba wurin ajiyar kuɗin jama'a ba ne, kome amanarsa. Kuɗin yana cakuɗuwa da nasa, banki na iya rufe asusun idan ya ga shigar kuɗi daga mutane barkatai, idan kuma ya rasu sai an sha wahala kafin a raba dukiyar ƙungiya da ta magada. Cire sunansa daga takardar kāriya ce gare shi kafin kowa.

6.0 Sabuwar takarda

A saman takardar akwai sunan ƙungiya da lambar rajistarta. Sai kuma wannan:

"Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu za ta buɗe makarantar Asabar a Whalley Range daga watan Satumba zuwa Yuli, domin koyar da yara 40 Hausa da karatun Alƙur'ani. Muna neman fam 4,200 kafin 31 ga Agusta.

"Shekarar za ta ci fam 8,000: haya 3,600, malamai biyu 3,240, littattafai 600, inshora da binciken malamai 360, buga takardu da kuɗin kati 200. Iyaye za su biya 3,000, ƙungiya ta ba da 800. Mun ware gurbi goma kyauta domin kada kuɗi ya hana wani yaro zuwa. Ɗakin na haya ne. Ba gini za mu yi ba.

"Idan mutum 35 suka ba da fam 120 kowane, an gama. Kowa ya ba da daidai ƙarfinsa. Wannan sadaka ce ta ganin dama, don haka kada a turo zakka ta wannan asusu.

"Idan abin da aka tara bai kai ba, za mu rage yawan makonni. Idan bai kai fam 2,000 ba, ko wani dalili ya hana buɗe makarantar, ko kuma aka sami rara, za a kashe kuɗin a sauran ayyukan koyar da yara na ƙungiya a Manchester da Birmingham. Za mu fitar da lissafi ranar 31 ga Janairu da 31 ga Yuli, kuma duk mai son ganin rasit yana iya tuntuɓar ma'aji ko shugaba. Allah ya saka da alheri."

Takardar ba ta fi tsohuwar tsawo sosai ba, amma kusan kowace jimla tana amsa wata tambaya. Jimlar zakka tana buƙatar ɗan bayani. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukunoni takwas da ake ba zakka, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, ba a biyan hayar ɗaki da gudanar da makaranta da ita. Mutumin da ya tura zakkarsa bisa kuskure zai shiga shakka ko ya sauke farali. Idan ƙungiya tana son karɓar zakka domin mabuƙata, ta nemi fatawar malami, ta buɗe mata lissafi dabam, ta kuma rubuta mata takarda dabam.

Ambaton Birmingham ma da dalili. 'Yan'uwa na can suna cikin zauren waya ɗaya da na Manchester, kuma tsohuwar takarda ta ce "yaranmu" ba tare da faɗin gari ba. Mutumin Small Heath ko Sparkbrook yana iya bayarwa da zaton 'ya'yansa ma za su amfana, alhali tafiyar kusan sa'a biyu ce a mota. Sabuwar takarda ta gaya masa makarantar a Whalley Range take, ta kuma nuna masa ta inda garinsa zai iya shiga. Birmingham gari ne da ya san harkar agaji. A can ne Dakta Hany El-Banna da abokansa suka kafa Islamic Relief a 1984, kuma mutanensa sun saba ganin takardu masu lissafi. Idan za a fita da bokiti kan titi, izinin majalisar birnin Manchester ba ya aiki a Birmingham. Kowane birni da nasa lasisi. A cikin masallaci ko ɗakin taro kuwa, izinin masu wurin ake nema.

7.0 Gift Aid da ranar ƙaddamarwa

Ƙungiyar da hukumar haraji ta HMRC ta amince da ita tana iya karɓar ƙarin fam 25 a kan kowace fam 100 ta tsarin Gift Aid, idan mai bayarwa ya cike takardar amincewa da sunansa da adireshin gidansa. Sharaɗin shi ne ya biya harajin da ya kai abin da za a karɓo a wannan shekara. A nan akwai tarko ga Hausawa musamman, domin da yawansu ɗalibai ne da abin da suke samu bai kai matakin biyan haraji ba. Ɗalibin da ya sa hannu don kunya ko don kowa ya sa, hukumar na iya neman ya biya bambancin. Takardar amincewa ta faɗi wannan a fili. Kuɗin makarantar da iyaye ke biya ba ya shiga tsarin, domin biyan aiki ne. Ba a kuma sa wannan ƙari cikin fam 4,200 ba, saboda ba a san nawa zai zo ba sai ya zo. Idan ya zo, a nuna shi a lissafin Janairu ko na Yuli.

Takarda mai kyau tana iya lalacewa a bakin mai gabatarwa. A taron ƙaddamar da gidauniya irin na gida, akan kira mutum da suna a lasifika, a jira ya faɗi adadi, a tafa. A ɗakin da ɗalibi ke zaune kusa da babban likita, wannan matsi ne. Hukumar Fundraising Regulator, wadda aka kafa a 2016, ta samo asali ne daga ƙorafi kan matsa wa masu bayarwa, bayan rasuwar Olive Cooke ta Bristol a 2015 tana da shekara 92, lokacin da jaridu suka bayyana yawan wasiƙun neman taimako da ake aika mata. Ƙa'idojin hukumar sun hana matsin da ya wuce kima, sun kuma nemi a kula da masu rauni. Ambulan a rufe ko katin alkawari ya wadatar, a sanar da jimilla kawai, kada a buga sunan kowa sai da yardarsa. Mai gabatarwa ya tsaya kan abin da ke rubuce, domin idan zafin taro ya ɗebe shi ya ce "in sha Allah da wannan kuɗi za mu sayi gininmu", ya sake ɗaure kuɗin da igiyar da aka kwance. Tsabar kuɗin da aka tara kuma mutum biyu da ba dangin juna ba su ƙirga, su sa hannu kafin a bar ɗakin.

A ƙaddara ranar 31 ga Agusta ta zo, abin da ya shiga asusu fam 3,100 ne, ko da yake alkawuran da aka yi sun kai 4,500. Alkawari ba ya biyan haya, don haka da 3,100 za a yi aiki. Giɓin fam 1,100 ne. Kowane mako yana cin fam 190 na haya da malamai, saboda haka cire mako shida ya rage fam 1,140, ya rufe giɓin har da saura fam 40. Makaranta za ta yi mako 30 maimakon 36. Kwamiti ba ya buƙatar neman kowa ya sake yarda, ba ya buƙatar rubuta wa hukuma, domin takarda ta riga ta faɗi haka. Abin da ya rage masa shi ne ya sanar da iyaye kafin su biya nasu fam 100, ya kuma aika wa masu bayarwa saƙo mai layi huɗu: an nemi 4,200, an samu 3,100, za a yi mako 30 daga Asabar ta biyu ta Satumba, idan sauran alkawura suka shigo kafin ƙarshen Janairu za a mayar da makonnin da aka cire ɗaya bayan ɗaya, fam 190 kowane.